Kan babur yana kaɗawa idan na saki totur: boris ɗin taya ne ko na wuya?

Mai Jan Babur: Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina da ƙaramin babur mai birkin dram gaba da baya, wanda nake zuwa aiki da shi, ranar kasuwa kuma in ɗauko kaya daga ƙauyenmu, tafiyar kusan kilomita 30 wadda rabinta burji ce mai gargada. Kimanin wata biyu ke nan na lura cewa idan ina gudu na saki totur, da zarar allurar mita ta sauko wajen 60 zuwa 45, sai kan babur ya fara kaɗawa hagu da dama, kuma idan na ɗaga hannu ɗaya don in gyara hula sai kaɗawar ta yi ƙarfi har ta ba ni tsoro. Bayan wannan, duk lokacin da na kama birkin gaba da ɗan ƙarfi, ko na faɗa ƙaramin rami, ina jin wani ƙas sau ɗaya daga wajen fitila. Bakanike na farko ya ce boris ɗin tayar gaba ne, na biyu kuma ya rantse cewa boris ɗin wuya ne, wato wanda kan babur ke juyawa a kansa, amma babu wanda ya ɗaga babur ɗin ya duba a cikinsu. Ina neman wanda zai nuna mini yadda zan gane gaskiya da kaina kafin in kashe kuɗi.

Ɗan Acaɓan Tasha: Wa alaikumus salam. Malam, wannan wuya ne, babu ko tantama, domin ƙas ɗin da kake ji idan ka taka birki shi ne shaida. Shekara tara ina kan babur, kuma duk lokacin da nawa ya fara haka, nakan sa a ɗaure notin wuya sosai da guduma da ƙusa, sai kaɗawar ta ɗauke nan take. Ba sai ka sayi komai ba.

Direban Tasi: Ni a mota, idan sitiyari yana rawa a wani gudu na musamman, to balansin ne ya tafi. Ka kai a ɗora tayar a inji a manna mata dalma, ka kuma sa a duba alaimen.

Tsohon Bakanike: Alhaji direba, maganarka daidai take a mota, kuma rashin balansin yana sa babur rawa shi ma, amma irin rawar ta bambanta. Tayar da nauyinta bai daidaita ba tana sa gaba ya riƙa tsalle sama da ƙasa, kuma abin yana ƙaruwa yayin da gudu ke ƙaruwa. Wannan bawan Allah kuwa ya ce kansa yana lilo hagu da dama ne, kuma lokacin da gudu ke sauka, saboda haka wajen da za a fara dubawa daban ne.

Mai tambaya, ka sami mutum ɗaya ya taimake ka, ba ka bukatar ko sifana a matakin farko. Ka ɗora babur a kan babban sitanda a wuri mai tauri, shi kuma ya zauna a can ƙarshen kujera ko ya danna kariya har tayar gaba ta bar ƙasa. Daga nan ka durƙusa a gefen tayar, ka kama ta da hannu ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, ka tura sama ka jawo ƙasa, wato kana ƙoƙarin karkata ta gefe, yayin da shi yake riƙe kan babur da hannu don kada ya juya. Tayar da boris ɗinta ke da lafiya ba ta motsawa ko kaɗan ta wannan fuska. Idan ka ji ɗan ƙyal-ƙyal, ko ka ga dram yana matsowa yana nisantar ƙafar shokozoba, to boris ɗin taya ya ci, matuƙar dai notin aksil a ɗaure yake, don haka ka fara tabbatar da wannan. Bayan haka ka juya tayar da ƙarfi, ka ɗora tafin hannunka a kan ƙafar shokozoba kusa da aksil. Kunne yana iya ruɗuwa da ƙarar takalmin birki da ke gogar dram ko ta giyar mita, amma hannu yana jin gurnani kamar ana niƙa tsakuwa idan boris ya lalace.

Na wuya kuma gwajinsa biyu ne, kuma kowanne yana neman ciwo daban. Na farko, ka tsuguna a gaban babur, ka kama ƙafafun shokozoba biyu a ƙasa kusa da aksil, ka jawo su zuwa ƙirjinka ka tura su baya. Idan akwai sako-sako za ka ji ƙas ɗin nan da kake ji a hanya. Na biyu, ka kama kan babur da yatsu biyu kawai, ka juya shi a hankali daga ƙarshen hagu zuwa ƙarshen dama, kana mai da hankali ga tsakiya. Idan ya iso daidai inda taya ke kallon gaba sai ka ji kamar ya faɗa wani gurbi, sai ka ɗan ƙara ƙarfi kafin ya fita, to kwanon da 'ya'yan boris ke zaune a cikinsa ya yi ramuka. Ka je ka gwada, ka dawo mana da abin da ka samu.

Ɗan Acaɓan Tasha: Baba, ai duk wannan zagaye ne, a ƙarshe ma ɗaure notin za a yi.

Tsohon Bakanike: Ɗana, rabin maganarka gaskiya ce, shi ya sa take da haɗari. Idan wuya ya yi sako-sako ne kawai, kwanonsa kuma lafiya lau, to ɗaurewa ita ce gyaran, kuma ba a sayen komai kamar yadda ka ce. Amma dalilin da ya sa kaɗawa ke ɗaukewa idan aka ɗaure da guduma shi ne wuyan ya yi tauri ya zama kamar birki, yana shanye lilon ko da daga taya yake fitowa. Ciwon yana nan, an dai toshe masa baki.

Babur yana tsayuwa a kan ƙafa biyu ne saboda kansa yana yin ƙananan gyare-gyare da kansa a kowane lokaci, yana juyawa kaɗan zuwa ɓangaren da babur ya karkata, ba tare da mahayi ya sani ba. Idan ka ƙulle wuya, waɗannan ƙananan juye-juye ba sa samuwa cikin sauƙi, sai ka ga babur yana tafiyar maciji a ƙaramin gudu, kana gyara shi yana wuce gona da iri, musamman cikin cunkoso ko yashi. Sannan 'ya'yan boris da aka matse su suna tona ramuka a kwano, domin wuya ba ya zagayawa kamar taya. Kusan duk rayuwarsa yana tsaye ne a tsakiya, kowane ɗa yana zaune a wuri ɗaya yana shan dukan hanya, giris kuma an matse shi ya gudu daga ƙarƙashinsa. Ka gaya mini gaskiya, sau nawa kake canza kwanon wuya a shekara?

Ɗan Acaɓan Tasha: Sau biyu, wani lokaci uku. Amma ni na ɗauka rashin ingancin kayan kasuwa ne da lalacewar hanya.

Mai Shagon Kayan Gyara: Kayan kasuwa suna da nasu laifin, ba zan ɓoye ba tunda sana'ata ce, akwai kwanon da ƙarfensa bai sha wuta yadda ya kamata ba, wanda ko zarto ka goga masa sai ya ci. Amma mai canzawa sau uku a shekara, ko mafi kyawun kaya aka ba shi ba zai daɗe ba idan da guduma ake ɗaure masa.

Mai Jan Babur: Na gode ƙwarai, Baba. Na yi gwajin da yamma tare da ƙanena, ga abin da na samu. Tayar gaba ba ta motsa gefe ko kaɗan, kuma da na juya ta ban ji gurnani a hannuna ba, sai dai wani shuu da ke zuwa sau ɗaya a kowane zagaye. Da na jawo ƙafafun shokozoba kuwa na ji ƙas sarai. Gurbin tsakiya ma yana nan, har idan na saki kan a kusa da tsakiya sai ya koma ciki da kansa. Abin da ya rikita ni shi ne ƙanena ya ce shi yana ganin motsin daga cikin shokozoba yake fitowa, ba daga wuya ba.

Tsohon Bakanike: Ƙanenka yana da ido, kuma tambayarsa a kan hanya take, domin tsohuwar shokozoba tana yin ɗan wasa tsakanin bututun sama da ƙafar ƙasa, kuma a hannu yana kama da wasan wuya. Rabe su ba shi da wuya. Shi ya riƙa jawo ƙafafun, kai kuma ka sa ɗan yatsa a daidai mahaɗar da ke tsakanin wuyan firam da farantin da ke riƙe shokozoba, sama ko ƙasa, yadda yatsan zai taɓa ɓangarorin biyu lokaci guda. Idan wasan na wuya ne za ka ji ƙarfe ɗaya yana zamewa a kan ɗaya a ƙarƙashin yatsanka. Idan can shiru ne, sai ka mai da yatsan bakin robar da ke hana ƙura shiga shokozoba, ka ji ko nan ne. Wannan dabarar ce kuma ake amfani da ita idan babu mai ɗaga babur: a kama birkin gaba, a riƙa tura babur gaba da baya, yatsa yana kan mahaɗar. Sai dai ba na son a dogara da kunne a wannan gwajin, saboda farantin birkin dram yana da ɗan wasa a inda ya kama ƙafar shokozoba, kuma yana yin ƙas iri ɗaya ko da wuya lafiya yake.

Amma a naka babur hukunci ya riga ya fito tun daga gurbin tsakiya. Kwanon da ya yi rami ba ya gyaruwa da ɗauri ko da giris. Idan ka ɗaure don kashe wasan, gurbin zai ƙara zurfi a hannu, idan ka sassauta don gurbin ya ɓace, wasan zai ƙaru. Saboda haka za a canza saitin gaba ɗaya, kwano biyu da ke cikin firam, da mazugi biyu, da dukan 'ya'yan. Shuu ɗin da kake ji sau ɗaya a zagaye mai yiwuwa takalmin birki ne ke taɓa dram da bai cika zagaye daidai ba, amma ka riƙe shi a rai, za mu dawo kansa.

Malama Daga Damagaram: Gafara dai, Baba, ina da tambaya a kan nawa. Ni babur ɗin mata nake hawa zuwa makaranta, kuma kansa ba ya kaɗawa, amma tun bayan damina ina jin wani gurnani daga gaba wanda ke ƙaruwa da gudu, idan na karya kwana kuma sautinsa yana canzawa. Mai gyaranmu ya ce rulma ce, wadda ku kuke kira boris, amma ya ce tunda tayar ba ta wasa zan iya ci gaba da hawa har sai ta fara. Shin haka ne?

Tsohon Bakanike: Malama, ban yarda da shawararsa ba. Boris ɗin taya yakan fara da ƙara kafin wasa, musamman wanda ruwa ya shiga. Ruwan damina ko na injin wanki mai ƙarfi yana kutsawa ta bayan robar, giris ya zama kamar kunu, tsatsa ta ci hanyar da 'ya'yan ke bi, sai gurnani ya fara alhali babu wasa tukuna. Canzawar sauti a kwana ma alama ce ta lalacewar boris, domin nauyi yana komawa kan wani ɓangaren boris ɗin. Ki sa ya cire tayar, aikin minti goma ne, ki sa yatsanki cikin ramin da aksil ke bi, ki juya zoben ciki na kowane gefe. Mai lafiya yana juyawa sumul da ɗan nauyin giris. Idan kika ji ƙaras-ƙaras, ko yana kamawa yana saki, ko kika ga jan ruwan tsatsa a bakin robar, a canza duka biyun a ranar. Ƙarshen irin wannan boris shi ne kejin da ke raba 'ya'yan ya karye, su taru gefe guda, taya ta karkace ko ta cije ana cikin tafiya, kuma a tayar gaba wannan faɗuwa ce. Ko bai kai haka ba, boris da ya cije yakan juya a cikin mazauninsa ya cinye dram, sai gyaran ɗan kuɗi kaɗan ya koma sayen dram ko wili sukutum.

Mai Shagon Kayan Gyara: Malama, idan za ki saya, kada ki ce a ba ki na babur kaza, ki sa a karanta lambar da ke jikin tsohon, domin lambar ɗaya ce a duniya ko SKF ne ya yi, ko NTN, ko NSK, ko Koyo. A ƙananan babura an fi samun 6300, 6301, 6201, 6202 da 6302. Lambobi biyu na ƙarshe su ne faɗin ramin aksil: 00 milimita 10 ne, 01 milimita 12, 02 milimita 15, 03 milimita 17. Inda mutane ke ruɗewa shi ne 6201 da 6301 duk aksil ɗaya suke shiga, amma na farko faɗinsa na waje milimita 32 ne, na biyu 37, don haka ɗaya ba ya zama a mazaunin ɗaya. Haruffan da ke biye kuma su ne murfi. Mai 2RS roba ce ta rufe shi gefe biyu, mai ZZ kuwa farantin ƙarfe ne wanda ke tare tsakuwa amma ba ya tare ruwa da ƙurar hunturu. A hanyoyinmu mai roba ya fi dacewa da taya. Wasu kamfanoni suna rubuta nasu haruffan daban, saboda haka ki duba da ido ki ga robar.

Ni kuma nakan shawarci abokan cinikina su ɗaga robar da allura su ƙara giris kafin a saka, domin masu araha suna zuwa kusan a bushe.

Tsohon Bakanike: A nan ni da Alhaji mai shago mun sha bamban. Kamfanin kirki yana zuba giris daidai gwargwado, ba ya cika shi, saboda cikakken boris yana zafi ya tura giris waje ta bakin robar. Kuma robar da aka ɗaga da allura ba kullum take komawa yadda take ba, ga haɗa giris iri biyu da ba lalle su jitu ba. Idan boris ya zo a bushe, ni a ganina ba shi ne abin sakawa a tayar gaba ba.

Mai Shagon Kayan Gyara: Baba, maganarka ta mai kuɗin sayen na asali ce. Wanda abin da ke aljihunsa bai kai ba, gara ya ƙara giris a mai araha da ya saka shi yadda ya zo. Na ga bambancin a wajen masu dawowa shagona.

Tsohon Bakanike: To, kowa ya riƙe nasa. Abin da ba a jayayya a kansa shi ne yadda ake sakawa, domin na ga sabon boris mai kyau da aka kashe tun kafin ya yi zagaye ɗaya. Ana buga shi ne a kan zoben waje kawai, da soket ko guntun bututu mai faɗinsa, a tsaye ba a karkace ba. Duk dukan da ya sauka a zoben ciki yana bi ta cikin 'ya'yan ne, ya bar musu tabo a hanyarsu. Saboda wannan dalili kuma boris da aka fitar ta hanyar dukan zoben ciki ba a mai da shi. Sannan akwai ɗan bututun ƙarfe da ke zaune tsakanin boris biyu a cikin dram, idan yaron shago ya manta da shi, ɗaure notin aksil zai matse zobban ciki zuwa juna, kuma boris ɗin ba zai yi mako ba.

Mai Jan Babur: Na kai babur an buɗe wuyan a gabana. Kwanon ƙasa yana da ramuka a jere kamar an auna, giris ɗin ya bushe ya zama baƙar ƙasa, biyu daga cikin 'ya'yan kuma sun yi tabo. Na sama bai lalace sosai ba, har bakaniken ya so ya bar shi, na ce a canza duka. Yanzu ƙas ya tafi, gurbin tsakiya ya tafi, babur yana shiga kwana da sauƙi kamar sabo. Amma kaɗawar ba ta ƙare ba. Ta ragu, sai dai jiya da na ɗauko buhun masara a kariya ta dawo a daidai gudun nan na da.

Ɗan Acaɓan Tasha: Ka gani ko? Da an ɗaure shi yadda na ce da yanzu ka huta.

Tsohon Bakanike: Da an ɗaure shi yadda ka ce da sabon kwanon ya fara tona rami daga yau. Mai tambaya, fara tabbatar da ɗaurin da aka yi maka. Ka ɗaga gaba kamar da, ka tsai da kan a tsakiya, ka ɗan taɓa shi da yatsa. Ya kamata ya faɗi gefe da nauyinsa a hankali har ƙarshe, kuma idan ka jawo ƙafafun babu wasa. Gefe ɗaya yakan fi ɗaya nauyi saboda wayoyin kuloci da birki da lantarki, wannan ba laifin boris ba ne. Yadda ake samun wannan ɗauri shi ne a matse notin daidaitawa da ɗan ƙarfi ana juya kan don 'ya'yan su zauna, a sassauta shi, sannan a sake jawo shi sannu a hankali har wasan ya ɓace, a tsaya nan. Babban notin sama idan aka ɗaure shi yana ƙara matse na ƙasa, don haka sai an gama ɗaure komai ake yin gwajin ƙarshe. Bayan tafiyar mako ɗaya ko biyu ka sake dubawa, domin sabon kwano yakan ƙara zama a mazauninsa ya bar ɗan wasa.

Dalilin da ya sa kwanon ƙasa ya fi lalacewa shi ne shi yake ɗaukar nauyi da dukan rami, kuma shi ruwa da ƙura suka fi samu. Ina kuma so in tambaye ka ko an taɓa yi wa kariyarka walda a jikin babur, domin idan mai walda ya maƙala wayar ƙasa a shokozoba ko a wilin gaba, wutar tana ratsawa ta cikin boris ta bar masa ƙananan ƙuna.

Game da kaɗawar da ta rage, ka sani cewa kusan kowane babur yana da wani gudu da gabansa ke son yin lilo, kamar yadda ƙafar gadon asibiti ke karkarwa idan aka tura shi da sauri. Taya mai kyau da hannun mahayi su ne ke shanye shi. Boris mai wasa yana ƙara shi, amma ba shi kaɗai ke haddasa shi ba. Yanzu ka shafa tafin hannunka a kan tayar gaba ka ji ko ta ci tudu da kwari, ka auna iska da geji, sannan ka riƙe alli a jikin ƙafar shokozoba dab da bakin wili ka juya tayar, ka ga ko allin yana taɓawa a wuri ɗaya kawai. Ka bi wayoyin wilin ɗaya bayan ɗaya da sifana kana ƙwanƙwasawa, mai sako-sako ba ya ƙara irin ta sauran. A jikin tayar kusa da bakin wili akwai siririn layi da ya zagaye ta, ya kamata nisansa da wili ya zama ɗaya ko'ina, idan ya nutse a wani wuri to tayar ba ta zauna daidai ba.

Mai Jan Babur: An yi wa kariyar walda bara, amma ban lura da inda ya maƙala wayar ba. Iskar gaba na same ta 38, alhali takardar da ke manne a jikin babur ta ce 25. Tayar ta ci tudu da kwari sosai a gefe biyu, kuma allin ya nuna wili ya kauce kaɗan a wuri ɗaya, inda na sami wayoyi uku sun saki.

Direban Tasi: Ashe dai maganar ta dawo kan taya kamar yadda na faɗa tun farko.

Tsohon Bakanike: Ta dawo, Alhaji, amma da ya fara da dalma da har yanzu yana yawo da wuya mai rami. Mai tambaya, ka kai wa mai ɗaurin wili ya miƙe shi, ka rage iskar zuwa abin da aka rubuta, ka canza tayar, domin wadda ta ci haka ba ta komawa daidai. Tunda an zo nan, ka kama tayar baya ma ka girgiza ta gefe, ka duba boris ɗinta da bushin hannun da ke riƙe ta, kuma ka tabbata alamomin jan sarƙa sun yi daidai hagu da dama, saboda wasan baya a hannu ake jin sa kamar daga gaba yake.

Buhun masara kuma nasa lissafin daban ne. Nauyin da ya zauna bayan aksil ɗin baya yana ɗage gaba, tayar gaba ta rage kama ƙasa, lilo ya sami sarari. Ka jawo buhun gaba ya hau kujera gwargwadon iko, ka ɗaure shi yadda ba zai yi rawa ba. Idan kaɗawa ta kama ka a hanya, kada ka damƙe birkin gaba kuma kada ka yi kokawa da kan da ƙarfin damtse. Ka matse tanki da gwiwa, ka sunkuyo gaba don nauyinka ya sauka a tayar gaba, hannu biyu a kan babur ba tare da sandarewa ba, ka rage gudu a hankali.

Malama Daga Damagaram: Baba, an cire tayata yau. Na gefen hagu yana ƙaras-ƙaras kuma ya yi jan tsatsa, na dama lafiya yake, amma na sa an canza duka biyun da masu roba. Gurnanin ya tafi. Na kuma gaya wa yaran wanki su daina kafa bakin injin a kan aksil.

Mai Jan Babur: Ni ma an miƙe wili, na saka sabuwar taya, iska tana kan 25. Idan ni kaɗai ne babu kaɗawa ko kaɗan, ko da na sassauta riƙo. Da buhu a gaba-gaba ma shiru. Amma ranar da na ɗora buhu biyu, ɗaya dole ya zauna a kariya, na ji ɗan motsi a hannuna wajen gudun 50, bai kai na da ba. Ban sani ba ko akwai sauran abin da ya lalace, ko kuwa iyakar abin da babur ɗin zai iya ke nan.

Ɗan Acaɓan Tasha: Ni dai har yanzu ina ganin da za a ƙara masa ɗauri kaɗan, ba irin na guduma ba, da wannan ma ya tafi.

Tsohon Bakanike: Kafin a taɓa notin, ina so in san halin shokozobar baya da bushin, domin bai ba mu labarinsu ba tukuna. Mai tambaya, ka ɗora buhunan biyu babur yana tsaye, ka auna da tef nawa bayan ya nutse, sannan ka danna kariya ka saki ka ƙirga sau nawa yake lilo kafin ya tsaya, ka zo mana da adadin.